Yadda Ake Nemo Kishiyar Kalmar Hali Idan Ba Ta da Kishiya Kai Tsaye

Kalmomin tsawo da launi da shekaru ba su da wuyar sha'ani. Dogo da gajere, fari da baƙi, sabo da tsoho, ɗan aji uku na firamare ma zai jero maka su ba tare da ya tsaya tunani ba. Inda ake cijewa shi ne wajen kalmomin hali. Ka shiga ɗakin malamai a kowace makaranta a Jos ka tambayi kishiyar "mai kawaici", za ka ji wannan ya ce mai tsiwa, wancan ya ce mai surutu, wani ya ce mai faɗar gaskiya, wani kuma ya taƙaita ya ce maras kawaici. Kowannensu ya taɓo wani abu na gaskiya, amma ba za ka iya ɗaukar amsar ɗaya ka sa a gurbin ta ɗaya ba. Wannan jagora na mai koyarwa ne da mai rubuta labari ko wasan kwaikwayo da mai fassara, da duk wanda yake son ya kwatanta mutum biyu masu bambancin hali ba tare da ya zalunci ɗayansu da kalma ba.

Dalilin wahalar yana cikin ginin harshen. Sifofi na asali a Hausa ba su da yawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka shafi hali, irin su mugu da nagari. Sauran halaye da wasu hanyoyi muke faɗarsu. Ko dai mu ɗauki sunan halin mu sa masa "mai" a gaba, mu ce mai haƙuri, mai kunya, mai kara. Ko mu gina suna da "ma-", mu ce matsoraci, marowaci, maƙaryaci, malalaci. Ko kuma mu ari gaɓar jiki mu haɗa ta da wata sifa, mu ce taurin kai, zurfin ciki, nauyin baki, zafin nama. Kowace hanya tana da inda take yaudarar mai neman kishiya, kuma za mu ga haka a kan hanya.

Fara da jimla, kada ka fara da kalma

Matakin farko shi ne ka ƙi amsa tambayar muddin kalmar tana tsaye ita kaɗai. Ka sa ta cikin jimla cikakkiya wadda ta nuna wane ne mai halin, ga wa ya nuna shi, kuma a kan me. Dubi "mai zuciya". Idan uwa ta ce wa maƙwabciya, "Ki yi haƙuri da shi, yaron nan mai zuciya ne," tana nufin saurin fushi, kuma kishiyarsa a nan mai haƙuri ne ko mai sanyin hali. Idan kuwa dattijo ya ce, "Yaron nan yana da zuciya, tun asuba yake Farin Gada yana dakon buhunan dankali don kada ya roƙi kowa," yabo ne, kuma kishiyarsa shi ne malalaci, ko cima-zaune, ko wanda ake cewa zuciyarsa ta mutu. Kalma ɗaya ce, amma kishiyoyin biyu ba su ma san juna ba. Wanda bai rubuta jimla ba zai zaɓi ɗaya a makance.

Haka "wayo" yake. A tatsuniya, idan aka jera Gizo da Kura, wayo ne da wauta. Amma idan ɗan kasuwa a Terminus ya ce abokin cinikinsa ya yi masa wayo, abin da ya rasa a wajensa gaskiya ce da riƙon amana, ba ruwansa da ko mutumin wawa ne ko haziƙi.

Gwada "maras", amma ka san iyakarsa

Hanya mafi kusa ita ce a cire "mai" a sa "mara" ko "maras", jam'i kuma "marasa". Wani lokaci wannan ya wadatar. Mai kirki da maras kirki suna tsaye daidai da juna. Haka mai imani da maras imani, mai tausayi da maras tausayi. Idan ka gwada ka ji ta zauna, ka tsaya a nan, babu dalilin wahalar da kai.

Sai dai akwai wurare biyu da wannan hanya take kaucewa, kuma dole ka duba su kafin ka amince.

Na farko shi ne inda "maras" ya riga ya zama zagi mai zaman kansa. Malama za ta ce wata ɗaliba mai kunya ce, ba ta iya ɗaga hannu a aji. Ɗalibar da ke kusa da ita, wadda take miƙewa ta yi bayani a gaban kowa ba tare da muryarta ta yi rawa ba, ba maras kunya ba ce. Duk malamin da ya rubuta haka a takardar sakamako zai ga iyaye a ofis washegari, kuma suna da gaskiya. "Maras kunya" yana nufin wanda ya keta haddin ladabi. Abin da malamar take nema shi ne mai sakin jiki, ko mai ƙarfin hali, ko wadda ba ta jin nauyin magana a cikin jama'a. Haka abin yake ga maras hankali da maras mutunci: nauyinsu ya fi ƙarfin rashi kawai.

Na biyu shi ne inda halin na zargi ne. Maras rowa bai zama mai kyauta ba tukuna. Yana iya zama mutum ne da in ka roƙa zai ba ka, in ba ka roƙa ba kuwa ba zai tuna da kai ba. Maras mugunta ma bai kai mai alheri ba. A nan "maras" yana kai ka tsakiyar hanya ne ya ajiye ka, sauran tafiyar kai za ka ƙarasa.

Kalmomin gaɓoɓin jiki su ma suna da irin wannan tarko, domin suna sa mutum ya ɗauka cewa juya sifar kawai zai yi. A wasu wurare haka ne: farin jini da baƙin jini, farar zuciya da baƙar zuciya. Amma mai dogon hannu ɓarawo ne, kuma ba a kiran mai amana mai gajeren hannu. Ana cewa ɗan baƙin ciki ga mai hassada, ba a cewa ɗan farin ciki ga mai son ci gaban mutane. Taurin kai ba shi da "laushin kai", sai dai sauƙin kai ko jin magana. Zafin nama kuwa kishiyarsa sanyin jiki ce, ka ga har gaɓar ta canza. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: idan ba ka taɓa jin haɗin a bakin mutane ba, kada ka ƙirƙira shi don ya yi daidai a takarda.

Kwance ƙullin

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Kalmar hali kamar ƙullin kayan miya take, wanda mai talla ya haɗa tumatir da attarugu da albasa a leda ɗaya ya sa masa kuɗi ɗaya. A cikinta akwai abin da mutum ya aikata, da dalilin da ya sa ya aikata, da wanda ya aikata wa, da kuma hukuncin da jama'a suke yi wa aikin, yabo ko zargi. Abin da ya sa ba a samun kishiya guda shi ne, babu kalmar da take juya duk waɗannan a lokaci ɗaya. Kowace kalma da aka kawo tana juya ɗaya ne ko biyu ta bar sauran.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce kana rubuta wasan kwaikwayo, abin da ba baƙo ba ne a Jos, garin da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take. Labarin na wani babban gida ne a Gangare, inda faccaloli uku suke zaune da uwar mazajensu. Sallah ta matso, Hajiya ta raba turamen atamfa, ta ba matar autanta mai tsada, ta ba sauran biyun mai araha. Babbar facalar ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma," ta shige ɗaki, kuma ba ta sake tayar da zancen ba, ko ga mijinta. A takardar bayanin 'yan wasa ka rubuta a gaban sunanta: mai kawaici. Yanzu kana son layi ɗaya da zai gaya wa 'yar wasa ta biyu cewa ita kishiyar wannan hali za ta fito da shi. Me za ka rubuta?

Ka zauna ka warware abin da ke cikin kawaicin babbar facala. Da farko, ta gani kuma ta gane. Ta san kuɗin kowace atamfa. Na biyu, abin ya shafe ta, tana da haƙƙin ta yi magana in ta so. Na uku, ta kau da kai ta yi shiru. Na huɗu, ba tsoro ne ya hana ta ba, ta yi ne don ta kiyaye girman surukarta da zaman lafiyar gidan. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, kawaici ya tashi daga aiki. To, sai ka riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya kana kallon kalmar da za ta fito.

Idan ka juya na farko, ka sami wadda ba ta ma lura ba. Wannan rashin lura ne ko sakarci. A fuska ita da mai kawaici iri ɗaya suke, dukansu sun yi shiru, don haka mai kallo ba zai ga wani bambanci ba. Ka ajiye wannan gefe.

Idan ka juya na biyu, ka sami wadda abin bai shafe ta ba amma ta tsoma baki, kamar maƙwabciyar da ta shigo ɗibar wuta ta ce, "Af, Hajiya, ai na ga atamfar ba iri ɗaya ba ce." Wannan shisshigi ne, ko katsalandan, ko sa ido. Hali ne mai amfani a wasa, amma ba na facala ta biyu ba ne, tunda ita an taɓa ta.

Idan ka juya na huɗu, wato dalili, abubuwa biyu suke fitowa. Akwai wadda ta yi shiru don tana tsoron Hajiya, akwai kuma wadda ta yi shiru ta ƙulla abin a ciki tana jiran rana. Ta farko matsoraciya ce, ta biyu mai riƙo. Bahaushe da kansa ya raba wannan da ya ce shiru-shiru ba tsoro ba ne. Mai riƙo tana da ban sha'awa ƙwarai, domin ita ce kishiyar mai kawaici ta ɓangaren zuciya, ko da yake bakinsu ɗaya. Idan wasanka na dogon zango ne, wanda za a ga abin da ke ɓoye yana fitowa a hankali, wataƙila ita ce kake nema.

Amma mafi yawan lokaci abin da marubuci yake so shi ne na uku: ta gani, ya shafe ta, kuma ta tanka. A nan kalmomi suke yin yawa, kuma a nan ake yin kuskure mafi muni, domin tankawa iri-iri ce. Akwai wadda za ta bari sai an watse, ta sami Hajiya a ɗaki ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni, akwai abin da ya tsaya mini a rai, gara in faɗa miki da in riƙe." Wannan mai ƙeƙe-da-ƙeƙe ce, mai fitar da abin da ke ranta. Akwai wadda ba za ta tunkari Hajiya ba, amma mijinta da ƙannenta da duk wanda ya shigo gidan sai ya ji labarin atamfa har bayan Sallah. Wannan mai ƙorafi ce, in abin ya yi tsawo a ce mai mita. Akwai kuma wadda za ta ajiye turmin a gaban Hajiya a tsakar gida ta murguɗa baki ta ce ita ba ta sa irin wannan. Wannan tsiwa ce, in ta wuce nan ta zama fitsara. Dukansu uku sun saɓa wa kawaici, amma 'yar wasan da aka ce wa "mai tsiwa" za ta fito da mutum dabam da wadda aka ce wa "mai ƙeƙe-da-ƙeƙe", kuma masu kallo za su ƙi ɗaya su so ɗaya.

Ta wane gefe kake nema?

Kafin ka zaɓa, akwai wata tambaya da ake yawan mantawa. Halin yabo sau da yawa yana zaune ne a tsakiya, da zargi a hagunsa da zargi a damansa. Kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Alƙur'ani ya kawo wannan a fili a Suratul Furƙan, aya ta 67, inda ya yabi waɗanda idan sun ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa a tsakani. Jarumta tana tsakanin tsoro da ganganci. Tattali yana tsakanin ɓarna da maƙo.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, idan aka ba ka kalmar zargi, tana iya samun kishiya biyu masu inganci: ta yabo da ke tsakiya, da ta zargi da ke can ɗaya ƙarshen. Kishiyar marowaci mai kyauta ne idan kana koyar da tarbiyya, amma almubazzari ne idan kana rubuta labarin 'yan'uwa biyu da kowannensu ya lalata gadonsa ta hanyarsa. A misalinmu ma haka ne. Idan kana son masu kallo su ga kawaici a matsayin abin koyi, kishiyarsa ta zama ta zargi, wato mita ko tsiwa. Idan kuwa kana son su yi ta muhawara a kan wace ce ta fi gaskiya tsakanin faccalolin, dole kishiyar ta zama mai mutunci ita ma. Hausa ta tanadi hujja ga ɓangarorin biyu, domin bakin da ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse shi ne kuma ya ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ni a ganina wasan da ya ba kowace facala mutuncinta ya fi kama da gidajen da muka sani.

Inda za ka samo kalmomin

Ba kowa ne zai zauna kalmomi su zubo masa ba, don haka ga inda ake tono su. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana bayyana Hausa da Hausa, kuma wannan ne amfaninsa a nan. Ka karanta ma'anar kalmar, ka ja layi a ƙarƙashin aikatau ɗin da ke cikin bayanin, ka kore shi, sannan ka tambayi kanka wane suna ake ba mai yin hakan. Ƙamusun Hausa zuwa Turanci na Bargery na 1934 yana da al'adar tara kalmomi masu kusancin ma'ana a ƙarƙashin kalma ɗaya, saboda haka in ka sami kishiya guda wadda ba ta gamsar da kai ba, ka neme ta a can ka ga 'yan'uwanta. Sai dai ka tuna da shekarunsa, wasu kalmomin sun kwanta, kuma saurayi a Rikkos ba lallai ya taɓa jin su ba.

Bayan ƙamus akwai wuraren da aka riga aka jera halaye gaba da gaba. Karin magana na yin haka, waƙoƙin wa'azi ma haka. Ga masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, littafin Karin Magana daga sura ta 10 zuwa ta 15 cike yake da ayoyi masu kafaɗa biyu, mai hikima da wawa, mai himma da rago, mai adalci da mugu. Irin waɗannan wurare suna nuna maka abin da masu harshen suka riga suka ji a matsayin kishiya.

Hanyar da nake gargaɗi a kanta ita ce ta zagayawa ta Turanci: a fassara kalmar, a nemo kishiyarta a can, a dawo da ita Hausa. Turanci ya raba abin da muke kira kunya gida-gida, ya ba jin nauyin mutane suna dabam, ya ba jin kunyar aikata laifi suna dabam. Da zarar ka fassara, ka riga ka zaɓi gida ɗaya ba tare da ka sani ba. Kalmomi irin su kara da alkunya da fulako kuwa, a hanyar tafiya ma za su zube.

Gwaje-gwajen da za su tace maka

Yanzu kana da kalmomi uku ko huɗu a hannu. Ka bi da su ta waɗannan gwaje-gwaje, da baki, ba a zuci ba, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Na farko, ka haɗa halayen biyu a kan mutum ɗaya, a kan al'amari ɗaya, ka ji ko jimlar za ta tsaya. "Tana da kawaici, kuma tana da surutu." Wannan ta tsaya daram, domin duk mun san mace mai hira da barkwanci wadda in an ɓata mata ba za ka ji a bakinta ba. Ke nan surutu ba kishiyar kawaici ba ne, ya faɗi. "Tana da kawaici, kuma tana da mita." Wannan ta ƙi zama, kunne ya ƙi karɓa. Mita ta tsallake.

Na biyu, ka juyo da baya. Ka sami wani wanda bai san abin da kake nema ba, ka ba shi sabuwar kalmar ka ce ya kawo kishiyarta. Idan ka ce "mai tsiwa", kusan kowa zai ce maka mai ladabi ko mai kunya. Ba zai dawo da kai kan kawaici ba, kuma wannan alama ce cewa tsiwa tana da tata abokiyar hamayyar a wani wuri. Idan ka ce "mai ƙorafi" ko "mai mita", za ka ji haƙuri ko kawaici. Kalmar da ta dawo da kai gida ta fi kusa.

Na uku, ka auna nauyi. Idan kalmar farko yabo ce mai sauƙi, kada kishiyarta ta zama zagin da zai sa a kai ƙara wajen mai unguwa. Kawaici da fitsara ba su yi nauyi ɗaya ba, kamar yadda rashin sakin fuska bai kai mugunta ba.

Na huɗu, ka duba ko kalmar tana hawa kan irin mutumin da kake magana a kai. Tsiwa daga ƙasa take tafiya zuwa sama, yaro ga babba, kuma an fi jingina ta ga 'yan mata. Ba za ka ce Hajiya ta yi wa surukarta tsiwa ba, sai dai ka ce ta yi mata faɗa ko gori. Da a ce Hajiya ce mai kawaicin a labarinka, kana neman wata uwar miji da za ta saɓa mata, da kalmomin da za su fito su ne mai sa ido, mai bin diddigi, mai faɗa. Matsayin mutum yana canza kishiyar.

A Jos akwai ƙarin gwaji guda da ya kamata a yi. Hausa a nan harshen kasuwa ce da unguwa da masallaci da coci, kuma da yawa daga masu jin ta suna da wani harshen a gida, Birom ko Afizere ko Anaguta ko Angas. Idan rubutunka na rediyo ne ko na allo, ka karanta wa mutum biyu ko uku da Hausa ba ita ce harshensu na farko ba. Kalmar da ta yi daidai a ƙamus amma sai an tsaya an yi bayaninta ba ta yi maka aiki ba.

Idan kalma ɗaya ta ƙi samuwa

Wani lokaci za ka gama duk wannan ka ga babu kalma guda da ta cika. Wannan ba gazawa ba ce, kuma Hausa ba ta jin nauyin bayyana hali da jimla. Mai zurfin ciki ba shi da kishiya ta kalma ɗaya da kowa ya yarda da ita, amma kowa ya gane idan aka ce cikinsa ba ya riƙe magana. A misalin faccaloli, bayan gwaje-gwajen, abin da zan rubuta a gaban sunan ta biyu shi ne: "Ba ta barin ta kwana. In an taɓa ta sai ta faɗa, amma a gaban mai ita take faɗa, kuma da ladabi." Jimlar farko ta juya shirun, ta biyu ta rufe ƙofar mita, kalmar ƙarshe ta rufe ƙofar tsiwa. 'Yar wasa ta san inda za ta tsaya da yadda za ta sa murya.

Mai fassara ma haka zai yi: gara gajeriyar jimla mai gaskiya da kalma guda mai ɗauke da zagin da babu shi a asalin rubutun.

Malamin da ke shirya tambayoyin jarrabawa shi ne ba shi da wannan sarari, tunda amsa ɗaya ake so. Shawarata gare shi ita ce kada ya ba ɗalibai kalma tsirara irin kawaici ko kunya ko zuciya ya ce su kawo kishiya. Ya sa ta cikin jimla, ya ja mata layi, sannan ya tabbata cewa a cikin zaɓin da ya bayar ɗaya ne kaɗai ya tsallake gwajin farko da na biyu. Misali: "Duk abin da aka yi mata a gidan ba ta tankawa, mace ce mai kawaici." Zaɓi: mai mita, mai rowa, mai kwaɗayi, mai ƙyuya. A nan mita ce kaɗai ta dace, sauran ukun duk suna iya zama tare da kawaici a jikin mutum ɗaya. Amma idan ya sa mai mita da mai tsiwa da mai ƙorafi a tambaya guda, ɗalibin da ya fi kowa jin Hausa shi ne zai fi kowa ruɗewa, kuma lokacin duba takardu malamin ba zai sami hujjar da zai hana shi maki ba.